Kawuna ya ja min jan biro: ina laifin "have" idan ta haɗu da jiya ko bara?

Rukayya (Unguwar Rimi): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimako kafin Litinin. Na rubuta takardar neman aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi, na kai wa kawuna daren jiya ya duba min. Ya ja jan biro a ƙarƙashin jimloli uku, ya bar uku, ya ce in je in yi tunani mu yi magana da safe. Gari na wayewa aka kira shi, ya kama jirgi a Rigasa ya wuce Abuja, wayarsa kuma ba ta shiga. Ni dai duk shidan iri ɗaya nake ganinsu. Ga su kamar yadda na rubuta:

1. *I have graduated in 2022.*
2. *I have completed my national service last year.*
3. *I have taught Basic Science since last year.*
4. *I have submitted my credentials yesterday.*
5. *I have attached the receipt I collected yesterday.*
6. *I have attended two workshops in the last year.*

Ta ɗaya da ta biyu da ta huɗu ya ja wa layi. Abin da ya ɗaure min kai, ta biyar ma akwai *yesterday* a cikinta, ta uku da ta shida akwai *last year*, amma bai taɓa su ba.

Yakubu (Barnawa): Wa alaikumus salam. Ni ban ga kuskure ba ƙanwata. *I* da *have* take tafiya, *he* da *she* su ne masu *has*. Duk kin yi daidai. Wataƙila rubutun ne bai fita ba.

Bashir (Kawo): Yaya Yakubu ba nan matsalar take ba. Dokar mai sauƙi ce, tun muna aji huɗu na sakandare aka koya mana: firezan fafet, wato *have* ko *has* haɗe da aikatau irin su *have finished*, ba ya zama da *yesterday*, *last year* ko *ago*. Da kin ga ɗaya daga cikinsu a jimla, ki goge *have*. Shi ke nan. A ganina ma kawu gajiya ya yi, da ya ja wa duka shidan layi.

Rukayya (Unguwar Rimi): Kawu ya shekara talatin da ɗoriya yana koyar da Turanci fa, Yaya Bashir. Sau biyu ya karanta takardar a gabana. Ba na jin tsallakewa ya yi.

Malam Sani (Tudun Wada): Bai tsallake ba, 'yata. Kawunki ya san aikinsa, ukun da ya ja wa layi su ne masu laifi. Bashir ya riƙo rabin maganar, sauran rabin shi ne ya sa aka bar ukun can.

Bari in fara da inda kuskuren yake fitowa, domin na shekara da shekaru ina ganinsa a littattafan yara, kuma ba rashin ƙoƙari ke kawo shi ba. Hausarmu ce ke bin mu cikin Turancin. Mu idan muka ce "na gama", magana ta ƙare. Mutum zai ce "na gama" yana nufin ga shi yanzu hannunsa babu aiki, kuma zai ce "na gama jiya" ko "na gama bara" ba tare da ya canza komai a jikin aikatau ba. "Na" ɗin nan guda ɗaya ta ɗauki duka biyun. Sai yaro ya shiga aji a ce masa "na gama" shi ne *I have finished*, ya riƙe wannan da kyau. Ranar da zai ce "na gama jiya" sai kawai ya ɗauko abin da ya riƙe ya liƙa masa *yesterday* a gindi. A tunaninsa na Hausa bai yi laifin komai ba.

Shi kuwa Turanci ya raba wannan "na" ɗin gida biyu. Idan kika ce *I have finished*, a yanzu kike tsaye, kina ba da labarin halin da ake ciki: aikin gamamme ne. Ba ki faɗi yaushe ba, kuma ginin jimlar bai bar miki gurbin faɗa ba. Idan kika ce *I finished*, kin koma baya kin tsaya a kan wani lokaci da ya wuce ya rufe, to a nan ne jiya da bara da 2022 suke da wurin zama. Haɗa su a kan aikatau ɗaya kamar mutum ya ce yana tsaye a yau kuma yana tsaye a jiya ne.

Saboda haka ta ɗaya ta koma *I graduated in 2022*, ta biyu *I completed my national service last year*, ta huɗu *I submitted my credentials yesterday*. Ba ki ƙara komai ba, *have* kawai kika cire.

Bashir (Kawo): To ai abin da na faɗa ke nan Malam.

Malam Sani (Tudun Wada): Ka faɗa a kan waɗannan ukun. Yanzu ɗauki dokarka ka ɗora a kan ta biyar mu gani. Aikatau nawa ne a cikinta?

Bashir (Kawo): Biyu. *Attached* da *collected*.

Malam Sani (Tudun Wada): Madalla. To jiyan nan ta wa ce? Jiya ta maƙala rasit ɗin a jikin takarda, ko jiya ta karɓo shi?

Bashir (Kawo): Jiya ta karɓo. Na gane inda kuka dosa, Allah ya gafarta Malam. Jiyan ta *collected* ce, shi kuma ba shi da *have*.

Malam Sani (Tudun Wada): Yauwa. Maƙalawar kuwa ba a faɗi lokacinta ba, abin da ake so mai karatu ya sani shi ne rasit na nan a haɗe, ya duba ya gani. Wannan shi ne ainihin aikin *have*. Don haka zama a jimla ɗaya ba shi ne laifin ba. Laifin shi ne kalmar lokacin ta zama tana amsa "yaushe?" ga aikatau ɗin da ke ɗauke da *have*.

Hajiya Talatu (Malali): Ku yi haƙuri in katse ku. Ɗana na aji shida, bana zai rubuta WAEC. Makon jiya ya dawo ransa a ɓace, wai an rage masa maki a insha'i saboda ya rubuta *Nigeria has gained independence in 1960*. Yana ta cewa ai har yanzu muna da 'yancin, ba a ƙwace ba, don me za a ce ya wuce? Ni ban iya ba shi amsa ba. Wannan ma cikin maganar taku yake?

Zainab (Kabala): Cikinta yake tsundum, Hajiya. Kuma yaron yana da tunani, don abin da ya faɗa shi ke ruɗa manya ma. An koya mana cewa ana sa *have* idan tasirin abu yana nan har yanzu, sai mutum ya ɗauka duk abin da amfaninsa bai gushe ba ya cancanci *have*. Digirin Rukayya ma ai yana hannunta har yanzu. Amma da zarar an ambaci shekarar da abin ya faru, maganar tasiri ta faɗi. Samun 'yancin rana ɗaya aka yi shi, 1 ga Oktoba 1960. Zaman 'yancin shi ne ya miƙo har yau. Idan samun yake son faɗa, *Nigeria gained independence in 1960*. Idan zaman yake nufi, sai ya canza ginin duka: *Nigeria has been independent since 1960*. Ki ce masa a Hausa ma ai daban muke faɗarsu, "ta samu 'yanci a 1960" da "tana da 'yanci tun 1960". Wannan "tun" ɗin ita ce *since*.

Hajiya Talatu (Malali): Allah ya yi miki albarka. Zan nuna masa idan ya dawo daga Islamiyya.

Rukayya (Unguwar Rimi): Anti Zainab, ke nan ta uku ta tsira ne saboda *since*?

Zainab (Kabala): Ƙwarai. *Last year* ita kaɗai bara ce, ta fara ta ƙare. *Since last year* kuwa "tun bara" ce, a bara ta faro amma bakinta na nan a yau. Bara a nan mafari ce kawai.

Ta shida ita ce mai tarko, don ido yana saurin tsallake ƙaramar kalmar da ke ciki. Ki duba da kyau, ba *last year* kika rubuta ba, *in the last year* kika rubuta. Wannan *the* ɗin ta canza ma'ana gaba ɗaya. Idan yau muna watan Maris, *last year* tana nufin Janairu zuwa Disamban bara. *In the last year* kuwa daga Maris ɗin bara ne zuwa yau ɗin nan, wata goma sha biyu da ake ƙirgowa baya daga inda kike tsaye. Tunda yau na ciki, *have* ta zauna. Haka *last week* da *for the last week*, haka *last month* da *in the last month*.

Ni aikin fassara nake yi, kuma kullum sai na gyara irin wannan a rubutun mutane, shi ya sa na ba kaina hanya. Da *have* nake ƙarewa, ba da ita nake farawa ba, don takarda ɗaya tana iya ɗaukar *have* ashirin kuma yawancinsu lafiya lau suke. Kalmomin lokaci nake fara bi. A kwamfuta ina danna Ctrl+F in nemi `yesterday`, sannan `last`, sannan `ago`, sannan `when`, sannan `in 20` da `in 19` don su kamo min shekaru. Sunayen ranaku da watanni kuma da ido nake binsu. Duk wadda na samu sai in tambaye ta aikatau ɗin da take yi wa aiki. Idan na same shi sai in duba ko yana da *have* ko *has* a gabansa. Idan yana da ita, sai in leƙa gaban kalmar lokacin ko akwai *since* ko *in the*. In babu, kuskure ne, na gyara.

Abu ɗaya da ke kuɓuce wa mutane: wani lokaci *have* ɗin a taƙaice take, *I've* ko *he's*, ba ka ganinta sai ka lura.

Yakubu (Barnawa): Yanzu na fahimci tambayar, ɗazu wani wuri na nufa. To ni ga tawa. A wurin aikinmu kusan kowace sanarwa haka take fitowa: *Your allowance has been paid last month.* Wannan idan aka cire *has* ai sai ta zama *been paid*, ba ta da kai. Ya ake yi da ita?

Malam Sani (Tudun Wada): Tambaya mai kyau, kuma ita ce ta nuna cewa "goge *have*" ba magani ba ne a ko'ina. Jimlolin Rukayya sun yi sauƙi ne saboda *graduated* da *completed* da *submitted* siffarsu ɗaya ce ko da *have* ko babu. Taka kuwa *has been* ɗin duka za a ɗauke a sa *was*: *Your allowance was paid last month.* In abubuwa da yawa ne, *were*.

Akwai kuma aikatau masu canza jiki. Wanda ya rubuta *I have seen him yesterday* idan ya goge *have* kawai, zai bar *I seen him*, ya fita daga wani kuskuren ya faɗa wanda ya fi shi muni. Sai ya koma *saw*. Haka *written* ya koma *wrote*, *gone* ya koma *went*. Wanda ya fi kama mutane shi ne *I have been to Zaria last week*. Nan *been* ba ta da inda za ta koma sai *went*: *I went to Zaria last week.* Shi *have been to* ai "na taɓa zuwa" ne, kuma ko a Hausa idan mutum ya ce "na taɓa zuwa Zariya makon jiya" za ka ji maganar ta yi wani iri, sai dai ya ce "na je".

Aminu (Rigasa): Ni fa ina da ja a kan wannan magana duka. Ina sauraron labarai na Turanci kullum, kuma ina jin Turawan da kansu suna cewa wane *has died*, alhali jiya ya mutu. Sannan mutuwa ai babu abin da ya kai ta rufewa. In su masu harshen suna yi, mu me ya sa muke takura wa kanmu?

Zainab (Kabala): Ka ƙara kasa kunne gobe, Aminu. Za ka ji jimlar farko ta zo da *has died* babu rana a jikinta, don sabon labari ake sanar da kai. Jimla ta biyu ita ke kawo ranar, kuma a nan take sai aikatau ya sauya: *He died on Tuesday.* Haka suke yi da murabus, da kama mutum, da sa hannu a doka. A buɗe da *has*, da an zo faɗin yaushe da ina sai a sauka. Ba ƙarewar abin ake dubawa ba, kusan duk abin da aka faɗa da *have* ai ya riga ya faru. Ambaton lokacin ake dubawa.

Aminu (Rigasa): Na yarda da na labarai. Amma a hira na sha jin mutum ya ce *I've seen him, yesterday actually*. Da kunnena.

Malam Sani (Tudun Wada): Ban musa maka ba, ana yi. Mutum ya gama jimlarsa, sai ya tuna, ya ɗan tsaya, ya ƙara ranar daga baya. Magana ce ta baki, tunani biyu ne aka jera. Amma takardar neman aiki ba a rubuta ta da tuntuɓen harshe, kuma wanda zai karanta ta Rukayya malamin makaranta yake nema. Jimla uku irin waɗannan a shafi ɗaya sun isa su sa ya ajiye ta gefe.

Abin da na sani tabbas game da bambancin masu harshen, ta ɗaya ɓangaren yake. Amurkawa sun fi Turawan Ingila sakin *have* a wurin da za ta iya zama, su ce *I already ate* inda Bature ɗan Ingila zai fi cewa *I've already eaten*. Amma a rubutu na ƙa'ida dukansu ba sa ɗora ta a kan *yesterday*.

Bashir (Kawo): Malam ga wata ta faɗo min. Idan na ce wa ƙanena *You should have come yesterday*, ga *have*, ga *come*, ga *yesterday*, aikatau ɗaya ne kuma babu *since*. Bisa hanyar Anti Zainab kuskure ne ke nan. Amma kunnena yana ce min daidai ne.

Zainab (Kabala): Kunnenka ya yi gaskiya, ni ce na bar mataki ɗaya. Ana kuma duba abin da ke gaban *have* ɗin. In akwai *should*, *could*, *would*, *must* ko *might*, a ƙyale ta. Waɗannan kalmomin ba sa karɓar *came* ko *went* a bayansu, saboda haka *have* ce kaɗai hanyar da za su yi maganar baya. "Da jiya ka zo" ke nan, ko "lalle jiya ya iso" a *He must have arrived yesterday*. Sunan dai ɗaya ne, aikin daban. Na gode da ka tuna min.

Malam Sani (Tudun Wada): Tunda an zo nan, bari in ba ku gwajin da nake ba ɗalibaina, wanda ba ya buƙatar kwamfuta. Ku mayar da jimlar Hausa, ku jawo lokacin gaba, ku sa "mu" a maimakon "ni" don bambancin ya fito. Mukan ce "mun gama", amma idan lokaci ya zo gaba sai mu ce "bara muka gama", "jiya muka kai takardu", "a 2022 muka kammala". Ba wanda zai ce "yaushe kun zo?", sai "yaushe kuka zo?". Duk inda lokacin da ya wuce ya jawo "muka", "kuka", "suka" ta wannan hanya, to Turancinsa ba ya ɗaukar *have*. Shi ya sa ake cewa *When did you come?* ba a cewa *When have you come?*

Ku gwada da ta uku: "tun bara muke koyarwa". Kun ji "muke" ce ta fito, ba "muka" ba. Hausar da kanta ta gaya muku abin bai tsaya ba.

Gwajin yana da iyaka, kada a ɗauke shi ya wuce inda na ajiye shi. "Mu muka gama" ma tana da "muka", amma ba lokaci ne ya jawo ta ba. Kuma "tun jiya muka iso" tana iya ruɗa mutum, ga "tun" ga "muka". A Turanci ko dai *We arrived yesterday*, ko *We have been here since yesterday*. Isowa ba ta miƙewa, zaman ne ke miƙewa.

Rukayya (Unguwar Rimi): Baba Malam, wannan "muke" ɗin ta tsayar da ni. Ni fa ba na koyarwa a can yanzu. Zango uku na yi, na bari a ƙarshen zangon da ya wuce. Kawu bai sani ba, ya ɗauka ina nan. Ta uku tana nan daidai?

Malam Sani (Tudun Wada): Alhamdu lillahi da kika faɗa. A nahawu ba ta da aibu, shi ya sa jan biro bai hau ta ba. Amma tana faɗin abin da ba haka yake ba. Duk wanda ya karanta *I have taught Basic Science since last year* zai ɗauka gobe ma kina da aji. In suka kira ki ganawa suka ce yaushe za ki ajiye wancan aikin, kika ce ai kin daɗe da bari, sai a ga kamar kin ɓoye wani abu. Ki rubuta *I taught Basic Science for three terms*, in kina so ki ƙara daga wane wata zuwa wane wata.

Ki lura a nan babu *yesterday* babu *last year*, amma lokacin ya rufe, kuma ke kaɗai kika san ya rufe. Babu binciken kalma da zai kamo wannan. Irinsa ne mutum ya ce mahaifinsa marigayi *has worked* a masaƙar Kakuri shekara ashirin. Mai aikin ya rasu, don haka *worked* ne, ko da ba a ambaci shekara ba.

Aminu (Rigasa): To amma in ta ce *I have taught Basic Science* kawai ta yi shiru fa? Ai ta taɓa koyarwa.

Malam Sani (Tudun Wada): Wannan daidai ne, kuma gaskiya ne. "Na taɓa koyarwa" ke nan, gogewa take nunawa. Za ta iya buɗewa da shi, jimla ta gaba ta kawo zango ukun da *taught* tsura, kamar yadda Zainab ta ce masu labarai na yi.

Hajiya Talatu (Malali): Ni kuma "yau da safe" fa? Yau ai ba ta wuce ba.

Bashir (Kawo): *Today*, *this week*, *this year* duk a buɗe suke Hajiya, *have* ake sa musu.

Zainab (Kabala): Ana iya sa musu, ba dole ba ne. *I saw him today* daidai ne, *I have seen him today* ma daidai ne. *This morning* kuwa agogo ake dubawa. Da ƙarfe goma na safe za ka ce *I have called him twice this morning*, don safiyar ba ta ƙare ba, kana iya sake kira. Bayan la'asar safiya ta tafi, sai *I called him twice this morning*.

Malam Sani (Tudun Wada): Haka littattafai suke koyarwa, kuma haka nake koyarwa. Amma ni idan ina duba takardar yaro ba na rage maki a kan *this morning*, don ban san ƙarfe nawa yake nufin yana maganar ba.

Zainab (Kabala): A nan kam na saɓa da ku, Malam, da girmamawa. In yaro yana ba da labarin yininsa, ya riga ya ambaci azahar da la'asar, sannan ya kawo *have* da *this morning*, ai ya nuna mana ƙarfe nawa ne. In aka bar shi, gobe zai ɗora ta a kan *last night*.

Malam Sani (Tudun Wada): In ya ambaci la'asar, na ba ki. Amma sau nawa hakan ke faruwa? Ni dai jan birona na *yesterday* da *ago* da shekaru ne, inda babu gardama. Yaro in ya ga ja ya yi yawa a shafinsa, ba ya gane wanne ne babba.

Aminu (Rigasa): Ni har yanzu akwai wadda ban gamsu ba. Duk Kaduna, daga ofis har kasuwa, *He has come since* ake cewa, ana nufin "ya zo tuntuni". Kowa na ganewa. Wannan kuskure za a kira shi, ko Turancinmu ne na Najeriya?

Zainab (Kabala): A baki ni ma ina faɗa, kuma ban ɗauke shi abin kunya ba. A rubutun da zai fita waje ko jarrabawa, *He came long ago* nake mayar da shi.

Aminu (Rigasa): Ke nan wanda zai karanta ne ke yanke hukunci, ba jimlar ba. Ni ina ganin abin da miliyoyin mutane ke faɗa kullum ya wuce a kira shi kuskure.

Malam Sani (Tudun Wada): Wannan doguwar magana ce Aminu, masana ma suna yinta. A buɗe mata zaure nata daban, zan shigo. Yanzu dai yarinya na da takardar kaiwa Litinin.

Rukayya (Unguwar Rimi): Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi sauran takardar da hanyar Anti Zainab, na kamo wata da kawu ma bai gani ba, a can sakin layi na ƙarshe: *I've spoken with your secretary two days ago.* A taƙaice take, shi ya sa ta ɓuya. Na mayar da ita *I spoke*. Ta uku na canza ta zuwa zango uku kamar yadda Baba Malam ya ce.

Ta shida ce nake kokwanto yanzu. Taron bita na farko a Fabrairun bara aka yi shi, na biyu a Nuwamba, ga shi muna Maris. Fabrairun bara ai ya fita daga wata goma sha biyun.

Zainab (Kabala): Ya fita da wata ɗaya. Tunda duka biyun a cikin bara suke, ki cire *in the*, ki cire *have*: *I attended two workshops last year.* Ki turo min takardar duka ta akwati bayan isha'i in sake bi kafin ki buga.